Sallar farko bayan rasuwa: abin da ya kamata mu kai gidan aboki

Jama'a, Sallar Layya ta ƙarato. Kasuwar dabbobi ta cika, teloli sun daina barcin dare, yara kuma sun fara ƙirga kwanaki. Amma a kowace unguwa ta Takieta, haka ma ƙauyukan Garagumsa da Tirmini da Dakusa, akwai gidan da wannan Sallar ce ta farko da za a yi babu wani: babu maigidan, ko uwargidan, ko yaron da bara ya riƙe ƙafar rago. Mafi yawanmu mun san irin gidan nan, domin mun je jana'iza, mun zauna makoki, mun ci gumbar sadaka. Abin da ba mu cika sani ba shi ne yadda za mu shiga gidan ranar Sallah. Wasu sukan shiga da barkwanci da nufin mantar da mai gida, wasu su tsaya bakin zaure su jera kalmomin haƙuri su wuce, wasu kuma su ƙi zuwa gaba ɗaya don tsoron kada su fama masa ciwo.

Ra'ayina a kan wannan mai sauƙi ne. Sallah aiki ce da aka tsara sa'a bayan sa'a, kuma kowane mutum a gida yana da nasa rabon aikin. Baƙin ciki yana cizon mutum ne daidai lokacin da aka iso aikin da mamacin ya saba yi, aka waiga babu shi. Wanda yake son ya taimaki abokinsa, sai ya gano waɗannan lokutan tun kafin su zo, ya kasance a wurin da hannunsa da ƙafarsa, ya kuma rage magana.

Sallah tana zuwa ne bayan kowa ya watse

Mu duba yadda al'adarmu ta tsara makoki. Kwana uku na farko gida cike yake, tabarmi har waje. A gidajen da ake yi, akwai sadakar bakwai, sannan ta arba'in. Daga nan dangin da suka zo daga Maradi ko Matamaye ko Kano sun koma, maƙwabta sun kama harkokinsu, kuma a idon jama'a an gama. A cikin gidan kuwa lokacin ne ake fara jin rashin sosai, domin hayaniyar masu gaisuwa ce take rufe shirun ɗakin mamaci. Sallah takan faɗo cikin wannan shirun. Sai ga gari ya cika da kiɗa da ƙamshin nama, ga gida ɗaya da yake jin kamar an bar shi a baya.

Akwai lissafin da ya kamata kowane mai zumunci ya riƙe a kansa. Tsakanin ƙaramar Sallah da Layya wata biyu ne da kwana goma, kimanin kwana 70. Wanda aka yi wa rasuwa cikin azumi, Sallah biyu za su same shi ciwon yana ɗanye. Takaba kuma wata huɗu ce da kwana goma ga matar da ba ta da ciki. In ka ƙirga baya daga 10 ga Zulhajji, za ka sauka a farkon Sha'aban. Ke nan duk matar da mijinta ya rasu daga farkon Sha'aban zuwa gaba, Layya za ta same ta cikin takaba, in kuwa rasuwar ta faru a Sha'aban ko Ramadan, Sallolin biyu duk a takaba za ta yi su. Ba sai ka tambayi kowa ba, yatsun hannunka sun isa su gaya maka gidan da ya kamata matarka ta leƙa.

Wasu kuma ranar Sallar ce da kanta ranar rashinsu. A 24 ga Satumba 2015, ranar Layya, turmutsitsin Mina ya ci rayukan alhazai masu yawa, cikinsu har da 'yan Nijar da 'yan Najeriya. Gidaje da dama sun yi wannan Sallar rago na kan wuta, su kuma suna ta buga wayar da ba a ɗauka. Ga irin waɗannan iyalai, da duk wanda ya rasa nasa a hatsarin mota yana hanyar zuwa gida Sallah, kowace Layya tana dawowa da ranar. Shekara goma ba ta goge wannan.

Inda ciwon yake tashi

Layyarmu ta ƙasar Damagaram tana da tsarinta. Jajibere akwai lalle da kitso da karɓo ɗinki. Da safe maza da yara su nufi filin idi. Bayan liman ya yanka, kowa ya koma gida ya yanka nasa, a feɗe, a banƙare ragon a kan itace, a jera shi gefen babbar wuta ya yi ta gasuwa har yamma. Ranar farko kayan ciki ake ci. Washegari ake yanke naman, a fitar da rabon dangi da maƙwabta da mabuƙata, mata su shiga suya don ajiya. A birnin Damagaram kuma akwai hawan Sarki da dawakai, mutanen ƙauye da yawa sukan je kallo.

To ka ɗauki kowane mataki ka tambayi kanka, a gidan abokina wa yake yin wannan? In uba ne ya rasu, babu mai jan yara zuwa idi, babu mai riƙe wuƙa. In uwa ce, babu mai tunawa da kitson 'yan mata, babu wadda ta san wace gwaggo ake kai wa cinya, wace maƙwabciya ake kai wa haƙarƙari. In yaro ne, akwai kayan Sallarsa na bara a cikin akwati, akwai sa'o'insa da za su shigo gida rukuni guda suna barka da Sallah, a ƙirga su a ga saura ɗaya. A waɗannan gurabun hawaye yake zuwa, kuma a nan ake buƙatar aboki. Zuwan da ka yi da la'asar, bayan ka ƙoshi ka sa babbar riga, ya zo bayan an riga an sha wahalar.

Maganar da take taimako da wadda take rufe baki

Ba na cikin masu cewa gaisuwarmu ta ta'aziyya fanko ce. "Ya haƙuri?" tambaya ce mai kyau, "Allah ya jiƙan rai" addu'a ce da mamaci yake buƙata. Amfanin irin wannan gaisuwa shi ne tana ba mutum abin faɗa a lokacin da baki ya yi nauyi, kuma tana ba wanda aka yi wa rashi amsa gajeriya da ba za ta gajiyar da shi ba. Kalmomin suna zama fanko ne idan aka yi amfani da su don a tsayar da mutum. Abokinka ya buɗe baki ya ce, "Bara war haka ita ce ke...", kai kuma ka tare shi da "sai haƙuri, sai haƙuri, kowa zai tafi." Abin da kunnensa ya ji shi ne: yi shiru, ba na son ji. Ya san kowa zai tafi, shi ya sa ta a kabari da hannunsa. Abin da yake so shi ne ya ƙarasa maganar da ya fara.

Akwai maganganun da nake ganin ya kamata mu bar su a gida. "Yau ranar farin ciki ce, ka saki ranka" tana ɗora wa mutum sabon aiki, wato ya yi murmushi don hankalin baƙi ya kwanta. "Ai gara kai, wane 'ya'ya biyu ya rasa" tana sa shi jin kunyar ciwonsa, ba ta rage masa komai ba. "Allah zai ba ku wani" ga iyayen da suka rasa ɗa tana nuna kamar yaron kaya ne da ake musanyawa. Mafi muni a wurina ita ce "kukan nan yana ƙona shi," da ake faɗa wa duk wanda idonsa ya kawo ruwa. Malamai sun bambanta hawaye da kururuwa da yaga tufafi. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, ya kuma bayyana cewa wannan rahama ce. Wanda ya fi kowa haƙuri ya yi hawaye, don haka babu dalilin da zai sa mu mayar da hawayen abokinmu alamar raunin imani.

Me za a ce to? Ka yi masa barka da Sallah kamar yadda kake yi wa kowa, domin hana shi gaisuwar Sallah ma wani nau'in warewa ne, sai dai ka yi ta da murya ƙasa. Ka biyo da "ya ƙarin haƙuri?" Sannan ka ambaci mamacin da sunan da aka saba kiransa, ka faɗi abu ɗaya na gaskiya da ka tuna game da shi a Sallah: yadda yake rigima da mahauci kan fata, ko irin yajin da take haɗawa. Mutane suna tsoron ambaton sunan, suna ganin za su tuna masa. Bai manta ba balle ka tuna masa. Abin da yake ci masa rai shi ne ganin kowa yana kewaye sunan kamar ba a taɓa yin mutumin ba. Bayan haka ka yi shiru. In ya yi magana ka saurara, in bai yi ba ku zauna tare ku kalli wuta.

Yadda muka yi da wani abokinmu

Ina da aboki, malamin firamare a wani ƙauye da ke gefen Takieta, wanda matarsa ta rasu tsakiyar Shawwal ta bar masa yara uku, mata biyu da ƙaramin namiji. Layya ta zo kwana hamsin da 'yan kai bayan rasuwar, wato an yi arba'in, dangi sun watse. Mu uku ne abokan aikinsa da muka fi kusa da shi, kuma kwana goma kafin Sallah muka zauna muka raba aikin.

Abu na farko, ɗayanmu ya je ya same shi shi kaɗai. Bai ce masa "in kana buƙatar wani abu ka faɗa" ba, domin Bahaushe ba zai faɗa ba, kunya ba za ta bar shi ba, kuma wanda ke cikin baƙin ciki sau da yawa bai ma san abin da yake buƙata ba. Tambayoyi ya yi masa masu amsar e ko a'a. An kai ɗinkin yara? Za ka yi layya bana? A nan za ka yi Sallah ko gidan iyayenka? Amsar ta nuna mana inda ramin yake: yadin yaran yana nan cikin leda tun kafin rasuwar, marigayiyar ce ta saya, shi kuma ya kasa buɗe ledar. Rago kuwa yana da shi, turkakke ne da ita take ba shi dusa.

Ɗinkin, matar ɗayanmu ta karɓi yadin ta kai wa tela tare da na 'ya'yanta. Jajibere ta aika aka ɗauko 'yan matan aka yi musu kitso da lalle a gidanta, cikin sauran yara, don kada su zama abin nuni. Ba mu sayo musu sabon yadi mai tsada ba, ko da yake mun yi tunanin haka, domin wanda uwarsu ta zaɓa ya fi kowane daraja a wurinsu, kuma babbar ta faɗa da bakinta.

Ranar Sallah na biya masa kafin a fita idi. Na same shi zaune bai yi wanka ba. Ban ce masa ya tashi ba, na ce zan jira shi a zaure, in kuma ba zai iya ba zan tafi da yaron. Bayan ɗan lokaci ya fito. A filin idi na tsaya kusa da shi, da aka sallame mutane suka yo kansa da gaisuwa, sai na bari ya amsa kaɗan, sannan na ce rana ta yi, rago na jira, na janye shi. Wannan ƙaramin aiki ne amma yana da amfani: mai baƙin ciki ba ya iya cewa "ya isa," abokinsa ne zai faɗa a madadinsa.

Wurin yanka nan ne ya fi tsanani, domin ragon kiwonta ne. Ya riƙe wuƙa, hannunsa na rawa. Babu wanda ya ce masa ya daure. Ɗayanmu ya ce, "Malam, ka wakilta ni in yanka maka," ya miƙa wuƙar, ya juya baya ya yi kukansa, mu kuma muka ci gaba da fiɗa kamar yadda ake yi. Muka kawo ragunanmu muka jera a wuta ɗaya a ƙofar gidansa, don kada ya yini shi kaɗai yana gadin gashi. Da yamma shi da kansa ya fara ba mu labarin yadda ta sayi ragon yana ɗan ƙarami, har ya yi dariya. Dariyar da ta zo da kanta daban take da wadda ake matsowa.

Washegari aikin mata ne ya rage, wato rabo da suya. A nan muka nemi ƙanwar marigayiyar, domin ita ta san jerin gidajen da yayarta take aika wa nama. Muka tabbatar rabon surukansa ya tafi kamar kullum, kuma yaran ne suka kai wa kakarsu. Wannan yana da muhimmanci, saboda bayan rasuwar mace zumunci tsakanin miji da danginta yakan fara yin sanyi daga irin wannan ƙaramin abu, kowane ɓangare yana jiran ya ga ko ɗayan zai tuna.

Abu ɗaya ya ɓaci. Wani dattijo mai kyakkyawar niyya ya shigo da rana, ya dafa kafaɗarsa a gaban yara ya ce, Sallar baɗi da amarya za a yi. Mutane suka yi dariyar yaƙe. Babbar 'yar ta tashi ta shige ɗaki, ba ta sake fitowa ba sai dare, shi kuma ya daina magana. Labarin zuciya a tambayi fuska: idan ka faɗi magana mai gida ya koma amsa maka da "to" da "haka ne" yana kallon ƙasa, ko ya tashi ya ce zai duba wuta alhali wuta lafiya lau take, maganarka ta taka ciwo. Gyaran shi ne ka bar zancen nan take, kada ka tsaya bayani. Maganar sake aure tana da lokacinta da masu yin ta, kuma ba a gaban marayu ranar Sallah ba.

Mai takaba da ragon marigayi

Mace mai takaba halinta ya fi tsanani, domin duk abin da ake kira Sallah a wurin mata an ɗauke mata shi: ba lalle, ba kwalli, ba turare, ba kayan ado, ba yawon gidajen dangi. Ƙawar da ta shigo mata da sabon leshi da gwal da ƙamshi har zaure, ta zauna tana ba da labarin ɗinkin wance, ba ta yi laifi a shari'a ba, amma ta ƙara mata nauyi. In za ki je, ki je da sassafe kafin ki yi kwalliya, ko ki sa tufafi masu sauƙi. Ki tafi da abinci dafaffe. Asalin wannan yana cikin sunna, domin lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina, Annabi ya umarci a dafa wa iyalinsa abinci saboda abin da ya shagaltar da su. Ɗanyen nama aiki ne kika kai mata, sai ta nemi itace da mai da ƙarfin tsayuwa a murhu. Soyayye kuwa ajiyewa kawai za ta yi.

Takaba tata ce ita kaɗai, ba ta hau kan 'ya'yanta ba. Wannan wuri ne da ake yawan kuskure, sai a bar yara cikin tsofaffin kaya wai gidan ana makoki. Yaran suna da haƙƙin kayan Sallah da zuwa idi da yawon barka da Sallah, kuma uwarsu ba za ta iya fita ta yi musu hidimar ba. Nan ne aikin ƙawa da abokin marigayi yake.

Sau da yawa kuma akan tarar da rago a turke, wanda maigida ya tanada kafin ya rasu. Kada aboki ya yi gaggawar cewa a yanka ko a sayar. Ragon ya shiga dukiyar gado. A mazhabar Malikiyya da muke bi, an so magada su zartar da layyar da mamaci ya riga ya ware, amma in akwai bashi a kansa ko marayu ƙanana a cikin magada, maganar tana buƙatar malami. Taimakon da za ka yi shi ne ka kai tambayar wurin limamin unguwa mako guda kafin Sallah, ka dawo wa iyalin da amsa, don kada a yi gardamar a kan ragon da safiyar idi.

Ga mu malamai da iyaye

Bayan hutun Sallah, malamai da yawa mukan buɗe aji da cewa kowa ya faɗi yadda ya yi Sallah, wa ya yanka rago, wa babansa ya kai shi kallon hawa Damagaram. Darasi ne mai daɗi ga yara arba'in, azaba ga guda ɗaya. Kafin ka ba da wannan aikin, ka duba rajistarka ka tuna wa aka yi wa rasuwa a bana. Kana iya sauya tambayar ta zama wadda kowa zai iya amsawa, misali yadda ake gasa rago a garinmu. Kada kuma ka tsayar da yaron gaban aji ka ce a yi masa ta'aziyya, domin yara sun fi tsoron a ware su fiye da komai. Ka kira shi gefe lokacin shan iska, ka ce ka san Sallar bana ta yi masa nauyi, ka ce ka san babansa. Ya isa.

Baƙin cikin yaro ba ya kama da na babba. Zai yi wasa da dariya da safe, da rana ya doki ɗan'uwansa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ko ya koma fitsarin kwance, ko karatunsa ya ja baya. Wanda bai sani ba sai ya ce yaron bai damu ba, ko ya ce ya lalace tun da uban ya mutu. Iyaye kuma mu koya wa 'ya'yanmu su biya wa abokinsu maraya in za su fita yawon Sallah, kuma in za mu ba da goron Sallah mu ba shi daidai da na sauran a gaban jama'a. In akwai ƙari, a ba uwarsa a ɓoye.

Masu cewa wannan tayar da makoki ne

Na san akwai masu ganin cewa zuwa gidan mamaci ranar Sallah sabunta baƙin ciki ne, kuma malamai da yawa sun karhanta maimaita ta'aziyya bayan kwana uku, sun kuma hana mayar da Sallar farko ranar zaman makoki. Ina tare da su a kan wannan. Ba na kiran a shimfiɗa tabarmi a sake karɓar gaisuwa, ko a hana gidan yin Sallah. Abin da nake kira a yi shi ne ziyara da sada zumunci da ciyarwa, waɗanda dama su ne aikin ranar, sai dai a fara da gidan da ya fi buƙata. Taya maraya zuwa idi da feɗe wa abokinka rago hanya ce ta shigar da gidan cikin Sallah, gwargwadon abin da zuciyarsu za ta iya ɗauka.

Wasu kuma za su ce mutum ya fi son a ƙyale shi. Akwai masu haka, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In abokinka ya ce yana son zama shi kaɗai, ka yarda da shi, ka ajiye abincin, ka ɗauki yaran, ka ce za ka dawo bayan magariba, sannan ka dawo ɗin. Bambancin ƙyalewa da yasarwa shi ne wannan dawowar.

Akwai kuma iyakar abin da aboki zai iya. Idan watanni sun wuce mutum ba ya cin abinci, ba ya barci, ya daina zuwa aiki ko gona, ko ya fara cewa gara ya bi mamacin, wannan ya wuce zaman zaure. A haɗa da addu'a, a sanar da babban da yake jin maganarsa a dangi, a raka shi gidan likita, in ta kama har babban asibitin Damagaram. Maganar son mutuwa musamman ba a jira da ita sai bayan Sallah.

A shekarun nan Layya tana faɗowa ƙarshen bazara ko farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ido yana sama ana jiran ruwan shuka. Bikin zai wuce cikin kwana uku, naman suya ya ƙare, amma gonar marigayi tana nan tana jiran wanda zai shuka ta. Wanda ya je gidan ranar Sallah, ya tambaya kafin ya fito: iri yana nan? Wa zai yi shukar? In an yi ruwa, ya tara abokai su ba gonar safiya ɗaya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyalansu haƙuri, ya nuna mana Sallah lafiya.